Satifiket 14 Ba Digiri: Nazarin Takardar Neman Aikin Wata Mai Nazarin Bayanai da Ta Koyar da Kanta

Lamarin na wata matashiya ce mai shekara 27. Karatunta na boko ya tsaya a sakandare. Shekara huɗu ta yi tana riƙe lissafin kayan sito a wani kamfanin rarraba kaya, kuma a cikin shekara biyun ƙarshe ta duƙufa wajen koyon nazarin bayanai ta intanet, da daddare da kuma ranakun hutu. Lokacin da ta fara neman canjin aiki tana da satifiket 14. A cikin wata biyar ta tura takarda wurare kusan 60. Biyu ne suka amsa, su ma na ban haƙuri ne.

Ta riga ta yanke wa kanta hukunci cewa rashin digiri ne ya tare ta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Da wata tsohuwar jami'ar ɗaukar ma'aikata ta zauna da ita suka bi takardar layi bayan layi, sai ya bayyana cewa mafi yawan abin da ke kayar da ita yana cikin tsarin takardar ne, kuma abu ne da ake iya gyarawa.

Yadda takardar take tun farko

Takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi, shafi uku ce. Shafin farko gaba ɗaya jerin kwasa-kwasai ne, an jera su bisa ranar da ta gama kowanne, don haka kwas ɗin awa biyu na gabatarwa ya zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda ya ci mata wata bakwai. A ƙarƙashin kan da ta sa wa suna "Ilimi" ta rubuta Harvard, saboda ta yi kwas ɗin CS50 na gabatar da kimiyyar kwamfuta, sannan ta rubuta Google, saboda ta kammala Google Data Analytics Professional Certificate a Coursera, dandalin kwasa-kwasan intanet. Sakandaren da ta yi da gaske ba ta ambace ta ba sam, kunya ta hana. Aikin sito na shekara huɗu kuwa yana can ƙasan shafi na uku, da layi ɗaya tak: "Shigar da bayanai da sauran ayyukan da aka ba ni."

Mai duba takardu yakan sami tari a gabansa, kallon farko kuma gajere ne. Abin da yake nema a wannan kallon shi ne dalilin da zai sa ya yarda cewa mutum zai iya aikin. Ga mai digiri, sunan jami'a ne yake ɗaukar wani ɓangare na wannan nauyi, domin wata hukuma ta riga ta tantance shi na shekaru. Wanda ba shi da digiri dole ya kawo abin da zai tsaya a wannan gurbi, wato shaidar da baƙo zai iya tabbatarwa da kansa cikin minti biyu ba tare da ya dogara da maganar mai takardar ba. Da wannan ma'auni ɗaya aka auna duk abin da ke cikin takardar, kuma yawancin satifiket ɗin ba su haye ba.

Tace satifiket ɗin

Ba duk satifiket ne ke faɗin abu ɗaya ba. Akwai wanda ake samu da zarar an gama kallon bidiyo. Na dandalin Udemy irin wannan ne, shaidar kammalawa ce, kuma kamfanin da kansa yana bayyana cewa shi ba makaranta ce mai izinin ba da shaidar karatu ba. Kwas ɗin na iya zama mai kyau ƙwarai, amma takardar ba ta ce komai a kan ko mutum ya iya. Akwai kuma wanda sai an yi ayyuka da gwaje-gwaje an ci kafin a bayar, kamar na Google ɗin da aka ƙaddamar a 2021, wanda aka tsara a gama cikin kimanin wata shida idan ana ba shi awa 10 a mako. Wannan ya fi nauyi, sai dai babu mai tsaron jarrabawa, don haka ba ya tabbatar da cewa mai sunan ne ya amsa tambayoyin. Na ukun shi ne jarrabawar da ake zaunawa ƙarƙashin sa ido, a duba katin shaida, a ba da lokaci, kuma ana iya faɗuwa. Wannan ne kaɗai yake kusa da abin da digiri ke yi.

A cikin 14 ɗin nata, tara na kallon bidiyo ne, biyar na gwaji ba mai tsaro, na jarrabawa mai tsaro kuwa babu ko ɗaya. Aka cire taran duka. Wannan shi ne abin da ya fi yi mata ciwo, har ta ce, "Anti, kowanne fa barci na hana kaina na yi shi." Amsar da ta samu ita ce, "Ƙanwata, ilimin yana nan a kanki, ba shi muka cire ba. Takardun ne ke binne biyun da za su yi miki magana." Gaskiya ta faɗa. Jeri mai tsawo yana sa mai karatu ya ɗauka mutum mai fara abubuwa ne da yawa, sannan ya rasa wanda zai tsaya a kai.

Daga cikin biyar ɗin da suka rage aka bar biyu, na Google da CS50, domin su ne suka shafi aikin kuma ana iya duba sahihancinsu. Kowanne aka rubuta shi a layi guda: cikakken sunan kwas ɗin kamar yadda yake a jikin takardar, wanda ya bayar, shekara, da adireshin tabbatarwa. Coursera na ba kowane satifiket adireshi na kansa wanda kowa zai iya buɗewa ya ga suna da ranar kammalawa. A LinkedIn ma akwai gurbin wannan, a sashen "Licenses & certifications", inda ake cike "Credential ID" da "Credential URL". Mutane da yawa suna barin waɗannan gurabe biyu fayau, alhali su ne bambancin iƙirari da shaida.

Batun Harvard ya fi kowanne haɗari. CS50 kwas ne na jami'ar da gaske, amma wanda ya yi shi ta intanet bai zama ɗalibinta ba. Idan aka sa sunan jami'ar shi kaɗai ƙarƙashin "Ilimi", mai karatu zai fahimci digiri ne. Ranar da ya gano ba haka ba ne, ko a teburin intabiyu ko wajen tantance takardu, ba wannan layin kaɗai zai daina yarda da shi ba, duk takardar ce za ta zube. Aka mayar da shi sashen satifiket da sunansa na gaskiya, aka rubuta cewa kwas ne na intanet. A ƙarƙashin "Ilimi" kuma, can ƙarshen shafi, aka sa shaidar sakandare da shekararta, layi ɗaya ba bayani ba ban haƙuri. Barin wurin babu komai ba ya ɓoye rashin digiri, sai ma ya jawo ido gare shi. Da a ce ta fara jami'a ba ta gama ba, da an rubuta sunan makarantar da shekarun da ta yi da fannin, a ƙara cewa ba a kammala ba, ba tare da ambaton sunan digirin ba.

Sannan aka shawarce ta ta zauna jarrabawa guda mai tsaro. Tun da yawancin tallan ayyukan da take nema suna ambaton Power BI, manhajar haɗa rahotanni da zane daga bayanai, sai ta zaɓi PL-300 ta Microsoft, wadda ake yi ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, kuma ana buƙatar maki 700 kafin a ci. Mako takwas ta yi tana shiri, kuma ta ci. Guda ɗaya ta isa. Ba a so ta sake komawa tara takardu da sabon salo.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana shafi na uku

Nan ne lamarin ya juya. Da aka tambaye ta me take yi a sito daga safe zuwa yamma, sai ta ba da labarin rahoton mako. Rassa huɗu ne ke turo fayil ɗin Excel kowace Juma'a, kowanne da yadda yake rubuta sunan kaya. Wani ya sa sunan a gajarce, wani ya haɗa shi da girman kwali, wani ya bar sarari a ƙarshe. Haɗa su da hannu yakan ci kwana biyu. Bayan ta koyi Power Query, sashen Excel na haɗawa da tsaftace bayanai, sai ta gina tebur guda na daidaita sunaye, inda kowace irin rubutawa ke komawa ga lamba ɗaya, ta sa fayilolin huɗu suna haɗuwa da kansu idan an zuba su a jaka ɗaya. Aikin ya dawo kimanin awa uku. A hanya kuma ta gano oda sama da 300 da aka shigar sau biyu a cikin shekara guda, abin da ya daɗe yana sa lissafin sito da na littafi suna saɓawa.

Wannan nazarin bayanai ne tsantsa, a kan bayanai na gaske masu datti, kuma wani ya amfana. Ita ba ta ɗauke shi a bakin komai ba saboda ba kwas ne ya ba ta shi ba, kuma sunan muƙaminta bai canza ba. Kuskure ne da ya zama ruwan dare ga masu koyar da kansu: suna ganin abin da aka buga wa tambari ne kawai ilimi.

Layin nan guda ya zama uku. Na farko ya ce ta haɗa rahoton mako na rassa huɗu da Power Query, lokacin aikin ya sauko daga kwana biyu zuwa kimanin awa uku. Na biyu ya ce ta gano oda sama da 300 da aka maimaita, ta kafa binciken da ke kama su kafin a rufe lissafin wata. Na uku ya ce ta koya wa abokan aiki biyu tafiyar da tsarin idan ba ta nan. Kowane layi yana ɗauke da matsala, da kayan aikin da aka yi amfani da shi, da sakamako mai lamba. Sunan muƙamin an bar shi yadda yake, mai kula da lissafin sito, domin shi tsohon kamfanin zai faɗa idan an tuntuɓe shi. Lambobin ma sai da ta koma ta ƙirga, ba kintace ba, sannan ta nemi tsohon shugabanta ya yarda a sa shi cikin waɗanda za a tambaya. Lambar da mutum ba zai iya bayyana yadda ya same ta ba gara ya bar ta.

Kundin ayyuka

Tana da ayyuka uku a GitHub, shafin da ake baje ayyukan shirye-shiryen kwamfuta, kuma duka ukun daga kwas suka fito. Babban cikinsu shi ne nazarin Cyclistic, kamfanin hayar kekuna na ƙirƙira da ake bayarwa a ƙarshen kwas ɗin Google, wanda aka gina a kan bayanan Divvy na birnin Chicago. Aikin ba shi da laifi a matsayin atisaye. Matsalar ita ce ɗimbin waɗanda suka gama kwas ɗin suna da shi, da tambaya iri ɗaya da zane kusan iri ɗaya, kuma hanyoyin warware shi suna warwatse a intanet. Mai ɗaukar ma'aikata da ya gan shi sau da yawa ba zai iya gane wanda ya yi tunani da wanda ya kwafa ba.

Aka ajiye su, ta gina guda biyu sababbi. Na farko shi ne matsalar sitonta, amma ba da bayanan kamfanin ba. Wannan iyaka ce da ba a tsallakewa: bayanan wurin aiki amana ne, kuma wanda ya baje su a fili don neman aiki ya nuna wa sabon kamfani abin da zai yi da nasu. Sai ta ƙirƙiri fayiloli huɗu na ƙarya masu irin tsarin da irin dattin, layi kusan 5,000, ta faɗa a sarari cewa na ƙirƙira ne. A lura kuma, zaɓin "Publish to web" na Power BI yana buɗe rahoto ga duk mai adireshin ba tare da kalmar sirri ba, haka abin da aka ɗora a Tableau Public ba na sirri ba ne. Na biyu ta ɗauko bayanan jama'a da wata hukuma ta wallafa kyauta, ta yi musu tambayar da ita ce ta ƙirƙiro.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne fayil ɗin README na kowane aiki, wato bayanin da ake fara gani idan an buɗe shi, domin shi ne mafi yawan masu dubawa za su karanta, ba lambar shirin ba. An tsara shi ya amsa abu biyar a cikin allo ɗaya: mece ce tambayar, daga ina bayanan suka fito, me aka gyara a cikinsu kuma don me, me aka gano, kuma me wannan nazari ba zai iya faɗa ba. Na ƙarshen nan shi ne wanda masu farawa ke tsallakewa, kuma shi ne ke nuna hankali. Ta rubuta, misali, cewa tsarinta yana kama odar da lambarta ta maimaitu, amma ba ya kama wadda aka sake shigarwa da sabuwar lamba. Hoton sakamakon aka sa a sama, don wanda ba zai sauke komai ba ya ga abin da aka yi.

Takardar ta koma shafi ɗaya: suna da hanyar tuntuɓa, layi uku na gabatarwa, kayan aikin da ta iya, aikin sito, ayyuka biyu da adireshinsu, satifiket uku, sai ilimi. Tsohon fasalin mai ginshiƙi biyu da taurarin auna ƙwarewa an watsar da shi, domin manhajojin karɓar takardu sukan cakuɗa rubutun da ke ginshiƙai. Gwajin mai sauƙi ne: a kwafe duk rubutun fayil ɗin a zuba a Notepad. Idan ya fito a jere yana karantuwa, to manhajar ma za ta karanta.

Inda ake turawa

Da aka waiwayi wurare 60 ɗin farko, fiye da rabinsu sun rubuta digiri a matsayin sharaɗi, kuma fom ɗinsu na da tambayar e ko a'a a kansa. A irin wannan tsari amsar a'a takan fitar da takarda kafin idon mutum ya kai gare ta. Babu gyaran sibi da zai magance wannan, kuma amsa e ƙarya ce da tantance takardu za ta tona. Sai ta fara raba talla gida uku: mai sharaɗin digiri kai tsaye, mai cewa "or equivalent experience", wato ko gogewar aiki da ta yi daidai da digiri, da wanda bai ambaci digiri ba. Na farko ta daina ɓata lokaci a kansa sai idan akwai wani a ciki da zai miƙa takardar hannu da hannu. Ƙarfinta ta zuba a biyun ƙarshe, musamman kamfanonin sufuri da rarraba kaya, inda shekara huɗun sito ke zama fifiko a kan mai digirin da bai taɓa ganin yadda lissafin kaya ke lalacewa ba.

Kada a ruɗu da sanarwar manyan kamfanoni cewa sun cire sharaɗin digiri. Rahoton da Harvard Business School da Burning Glass Institute suka fitar a Fabrairun 2024 kan kasuwar aiki ta Amurka ya gano cewa sauyin ya shafi ƙasa da ɗaya cikin kowane 700 na waɗanda aka ɗauka. A kamfanoni da yawa, cire kalmar daga talla bai canza ɗabi'ar mai zaɓa ba. Shi ya sa ko a tallan da bai nemi digiri ba, shaidar da ake iya dubawa ce ke yin aikin.

A wasiƙar rakiya an ba rashin digirin jimla ɗaya, a sakin layi na biyu, bayan labarin rahoton mako: cewa ta koyi aikin ne a bakin aiki da kwasa-kwasan intanet, ga kuma inda za a duba. Ba a buɗe wasiƙar da shi ba.

Intabiyun da ta faɗi

Cikin mako goma ta tura 22, aka kira ta biyar. Na farkon bai yi kyau ba, kuma laifin na takardar ne. A sashen kayan aiki ta dage a bar Python da R da Tableau tare da Excel da SQL da Power BI, don ta taɓa kowanne a kwas. Mai intabiyun ya zaɓi Python ya ba ta ɗan aiki, ta kasa farawa ba tare da bidiyo a gefe ba. Da ya koma SQL ya ce ta fito da odar da aka maimaita, abin da take yi kowane mako a Power Query, tsoro ya riga ya kama ta, ta yi ta ƙoƙarin tace ƙirgen da WHERE, alhali ƙirgen rukuni da HAVING ake tace shi:

```sql
SELECT lambar_oda, COUNT(*)
FROM oda
GROUP BY lambar_oda
HAVING COUNT(*) > 1;
```

Daga nan aka kafa ƙa'ida: duk abin da aka rubuta a sashen ƙwarewa gayyata ce ga tambaya, don haka ba ya shiga sai wanda za ta iya yi a gaban mutum, allo a buɗe, ba taimako. Shida suka koma uku, Excel da Power Query, SQL, Power BI. Ta kuma shafe mako biyu tana warware tambayoyin SQL da agogo, minti 15 kowacce, tana faɗin tunaninta da baki kamar akwai mai saurare. Wanda ya yi karatu shi kaɗai a ɗaki yakan rasa wannan atisaye na yin aiki ana kallo, kuma shi ne giɓin da kwas ba ya cikewa.

A intabiyu na huɗu an ba ta fayil mai datti da awa ɗaya. Ta fara da ƙirga layuka, ta duba guraben da ba komai, ta nemi maimaici, ta rubuta abin da ta cire da dalili kafin ta zana komai. An ɗauke ta a matsayin jami'ar rahotanni a wani kamfanin sufuri. Ba shi ne sunan muƙamin da ta so ba, kuma matakin na masu farawa ne. Ba a tambaye ta satifiket ɗin Google ba ko sau ɗaya. PL-300 an duba ta, tsohon shugabanta kuma an kira shi.

Akwai ƙofofin da wannan hanya ba ta buɗe mata ba. Ayyukan da doka ta ɗaure da lasisi, da ma'aikatun da ke tsara matakin albashi bisa takardar makaranta, da wasu nau'o'in bizar aiki, har yanzu digiri suke tambaya, kuma kundin ayyuka ba ya maye gurbinsa a can. Shaidar PL-300 ma shekara ɗaya take yi, sai an sabunta ta da gwajin kyauta a Microsoft Learn kafin wa'adin ya cika, in ba haka ba adireshin da ke takardarta zai nuna cewa ta ƙare. Ta sa ranar a kalanda, kuma ta buɗe fayil inda take rubuta kowane aiki da ta gama a sabon wurin da lambobinsa tun suna sabo a kanta.